Idan Aka Ninka Asid, Me Zai Faru? Tambayoyin da Ke Auna Tunanin Ɗalibin Kemistiri

A darasin kemistiri na babbar sakandare akwai babin da ke magana a kan saurin haɗuwar sinadarai, wato dalilin da ya sa wani canji yake faruwa cikin ƙiftawar ido, wani kuma ya ɗauki kwanaki. Malamai da dama kan bai wa ɗalibai wannan babi su yi gwaji, su zo gaban aji su yi bayanin abin da suka samu. Bayanin kan tafi lafiya. Inda aikin ke lalacewa shi ne lokacin tambayoyi, domin abin da aka fi tambaya bai wuce "kawo abubuwa huɗu da ke ƙara sauri" ko "rubuta mana fomula" ba. Ɗalibin da ya kwana yana hadda zai zubo su tiryan-tiryan: kaurin sinadari, zafi, faɗin fuskar da ke taɓa juna, da katalis. A tafa masa ya zauna, ba tare da kowa ya san ko ya gane abin da ya faru a cikin kwalbarsa ba.

Tambayar da ke tona fahimta siffarta daban ce. Ana ɗaukar gwajin da ɗalibin ya yi da hannunsa, a taɓa abu ɗaya a ciki, a ce ya faɗi abin da zai canza da abin da ba zai canza ba, sannan ya faɗi dalili. Hadda ba ta ceton mutum a nan, domin babu littafin da ya rubuta amsar da lambobin gwajinsa. Bari mu ɗauki gwaji guda mu bi shi daki-daki, mu ga yadda ake fitar da irin waɗannan tambayoyi daga cikinsa.

Gwajin da za mu tsaya a kai

Ana zuba tsakuwar farin dutsen mabul a cikin ƙaramar kwalba, a tsiyaya mata asid ɗin haidurokulorik wanda aka sirka da ruwa. Mabul sinadarin kalsiyom kabonet ne, irin wanda ke cikin dutsen da ake haƙa domin siminti a Sakkwato da Ashaka, shi ne kuma yake cikin ɓawon ƙwai. Da asid ya taɓa shi sai ya fara kumfa, iskar kabon dayoksaid tana fita. Ana toshe bakin kwalbar da murfin roba mai bututu, bututun ya shiga wani babban sirinji mai cin mililita 100, ana karanta yawan iskar da ta taru kowane minti. Ga yadda ake rubuta haɗuwar:

CaCO₃ + 2HCl → CaCl₂ + H₂O + CO₂

Makarantar da ba ta da mabul tana iya amfani da ɓawon ƙwai da aka wanke aka shanya. Allin rubutu kuwa sai an gwada shi tukuna, domin da yawa daga cikinsa kalsiyom salfet ne, wanda ba ya yin kumfa da asid.

Mu ɗauka wata ɗaliba ta auna tsakuwa giram 5, ta zuba mata asid mililita 20 mai kaurin mol 0.25 a kowace lita. Kauri a nan yana nufin yawan asid ɗin da ke cikin kowace lita ta ruwan. Lissafin gajere ne. Asid ɗin da ke cikin kwalbar mol 0.005 ne, kowane biyu na asid kuma suna ba da ɗaya na iska, saboda haka iskar ba za ta wuce mol 0.0025 ba, kimanin mililita 60 ke nan a zafin ɗaki. Dutsen da wannan asid zai iya cinyewa giram 0.25 ne kacal, kashi ɗaya cikin ashirin na abin da aka zuba. Duk tambayoyin da za su biyo baya a kan wannan gaskiya suke tsaye: asid ne zai ƙare, dutse zai yi saura.

A ce lambobin da ta karanta a sirinji su ne mililita 24 a minti na farko, 38 a na biyu, 46 a na uku, 50 a na huɗu, 52 a na biyar, daga nan sirinji bai ƙara motsi ba. Idan ta zana su a giraf, layin zai miƙe sama da farko, ya riƙa lanƙwasa, ya ƙare a kwance.

Tambayar farko ta fito daga layin kansa: "Me ya sa aka samu mililita 24 a minti na farko, amma 2 kawai a minti na biyar?" Amsar da aka fi ji ita ce dutsen yana ƙarewa. Sai malami ya ɗaga kwalbar sama ya ce, "Dubi nan. Tsakuwarki tana nan ko ta narke?" Tana nan kusan yadda aka zuba ta. To me ya ragu? Ɗalibar da ta tsaya ta yi tunani za ta ce, "Malam, asid ne yake ta tsinkewa. Duk kumfar da ta tashi ta ci wani abu daga cikinsa, ƙwayoyin da ke kaiwa ga fuskar dutsen a kowane daƙiƙa suna raguwa." Daga nan sai a bi ta da tambaya ta biyu: yaya za ki nuna wa ajin nan cewa asid ne ya ƙare? Hanya mafi sauƙi ita ce a ƙara sabon asid a kan tsakuwar nan da ta yi shiru. Idan kumfa ta dawo, an gama magana. A wata kwalbar kuma a jefa sabuwar tsakuwa cikin tsohon ruwan, a ga babu abin da ya faru. Ɗalibin da ya kawo waɗannan gwaje-gwaje biyu da kansa ya riga ya nuna abin da ake nema, ko da fomula ta shige masa duhu.

Kauri daban, yawa daban

Giraf ɗin nan yana ba da labari iri biyu, kuma mafi yawan ruɗanin ɗalibai daga cakuɗa su yake zuwa. Yadda layin ya miƙe a farko yana nuna sauri. Tsayin da ya kai kafin ya kwanta yana nuna jimlar iskar da aka samu. Kaurin asid ne ke juya na farko, yawan asid ɗin da ke cikin kwalbar gaba ɗaya shi ke juya na biyu. A ganina tambayar da ta fi kowace amfani a wannan babi ita ce wadda ta raba waɗannan biyu, kuma ana yin ta ne da alli a hannun ɗalibi. A bar layinsa na asali a allo, a ce ya zana sabon layi a kai.

A fara da cewa, "Ki zuba mililita 40 na wannan asid ɗin maimakon 20, komai ya zauna yadda yake. Zana mana." Hannun ɗalibai da yawa zai zana layin da ya fi miƙewa tun daga farko, domin a tunaninsu asid ya ƙaru, dole sauri ya ƙaru. Amma tsakuwar da ke ƙasan kwalba ba ta san yawan ruwan da ke samanta ba. Abin da ke taɓa fuskarta shi ne ruwa mai kaurin 0.25, kamar dai a karon farko, saboda haka layukan biyu tare za su tashi. Bambancin yana zuwa daga baya: sabon layin zai daɗe bai lanƙwasa ba, ya nufi mililita 120 maimakon 60. A nan akwai ƙaramar tambaya mai daɗi ga mai lura: sirinjin da ke cin 100 zai ɗauki wannan iska? Wanda ya ce "Malam, ai sai bakin sirinjin ya fice" ya yi lissafi a kansa kafin a sa shi. Akwai kuma sharaɗi guda da ya kamata ɗalibi ya ambata, cewa tun a gwajin farko ruwan ya rufe tsakuwar duka. Idan rabinta a waje take, ƙarin ruwa zai jiƙa sabuwar fuska, sauri ya ƙaru ta wata hanyar da ba a yi niyya ba.

Sai a juya tambayar: mililita 10 kawai, amma mai kaurin 0.5. Yanzu asid ɗin da ke cikin kwalbar bai ƙaru ba ko kaɗan, mol 0.005 ne kamar da, an dai matse shi cikin rabin ruwa. Layin zai tashi da sauri kusan ninki biyu, ya kwanta da wuri, a wajen tsayin da na farko ya kwanta. Ɗalibin da ya zana shi ya zarce sama har 120 ya ɗauka cewa duk abin da ya fi sauri dole ya fi yawa, wannan kuwa kuskure ne da zai bi shi har jarrabawar WAEC ko NECO idan ba a kama shi a aji ba.

Na uku shi ne wanda ke da tarko a ciki: mililita 20 mai kaurin 0.5. Sauri ya ninka, iska ma ta ninka. Ana tambayar ɗalibi, "Idan ba ki da sirinji, agogo kawai gare ki, kika auna lokacin da kumfa ta daina, me za ki gani?" Hankali yana cewa mai kauri zai riga gamawa. Amma aikin da ke gabansa ma ya ninka, kamar mai gudu ninki biyu ne da aka ninka masa nisan tafiya. Lokacin gamawar biyun zai zo kusa da juna, har mai gwajin ya tashi ya gaya wa aji cewa kauri ba ya tasiri. Na fi son wannan tambaya saboda tana nuna wa ɗalibi cewa abin da ya zaɓa ya auna yana iya ɓatar da shi ko da bai yi kuskure a awo ba. Maganin shi ne a kwatanta farkon tafiya: iska nawa ta taru a daƙiƙa 30 na farko, ko daƙiƙa nawa aka ɗauka kafin a tara mililita 10 na farko. A wannan ɗan lokaci kaurin asid bai yi nisa da wanda aka rubuta a jikin kwalba ba.

Ɗalibi mai kaifin kai zai iya tambaya, ko malami ya tambaye shi: tun da fomula ta ce 2HCl, me ya sa ninka kauri bai ninka sauri sau huɗu ba? Lambar 2 ɗin nan tana faɗin yawan asid da kowane ɗaya na dutse yake ci ne. Ba ta faɗin komai game da sauri. Yadda sauri ke bin kauri sai gwaji ya nuna, kuma a wannan haɗuwa gwaji yana nuna kusan ninki da ninki. A wasu haɗuwar ninka kauri kan ninka sauri sau huɗu, a wasu kuma ba ya motsa shi ko kaɗan.

Batun daka dutse ya zama gari ba ya buƙatar dogon tsayi. Giram 5 na gari yana da fuska mai yawan gaske fiye da giram 5 na tsakuwa, kumfa za ta taso kamar za ta yi ambaliya, amma iskar ba za ta wuce mililita 60 ɗin nan ba. Abin da ya fi gwada tunani shi ne a ce an zuba tsakuwa giram 10 masu girma irin na farko. Ɗalibin da ya haddace cewa "abin da ya yi saura ba ya tasiri" zai ce babu abin da zai canza. Jimlar iska kam ba za ta canza ba, amma fuskar da asid ke ci ta ninka, saboda haka sauri zai ƙaru.

Abin da ya canza ba tare da an sani ba

Kowane gwaji na gaskiya yana da abu uku: wanda aka canza da gangan, wanda aka auna, da waɗanda aka riƙe ba su motsa ba. Ɗalibai sun iya jera wannan a takarda. Abin da ba a cika tambayarsu ba shi ne ko sun riƙe abin da suka ce sun riƙe.

Tambayoyin wannan sashe gajeru ne, kamar na mai bincike. Da wane lokaci kika yi gwajin farko, da wane lokaci kika yi na biyu? A Kano ko Zinder, tsakanin safiyar hunturu da azahar ɗin ranar, zafin ɗakin gwaji na iya tashi sosai, kuma asid ɗin da ya wuni a kan benci kusa da taga ba ɗaya yake da wanda aka ɗauko daga sito da sassafe ba. Idan an gwada mara kauri da safe, mai kauri da rana, abubuwa biyu ne suka canza tare, babu wanda zai iya raba rabon kowanne. Sai kuma: tsakuwar da kika yi gwaji na biyu da ita sabuwa ce ko wadda ta fito daga na farko? Wadda aka riga aka yi amfani da ita asid ya wanke ƙurar da ke jikinta, wataƙila kuma a jiƙe take, ruwan jikinta zai ɗan sirka sabon asid. Sabuwar kuwa garin da ke manne da ita kan ba da kumfa mai ƙarfi a daƙiƙun farko. Shi ya sa masu kula suke wanke tsakuwar duka da ɗan asid, su ɗauraye, su shanya kafin su fara awo.

Akwai wanda kusan kowa ke mantawa, shi ne girgiza. "Kin riƙa girgiza kwalbar ko ajiye ta kika yi?" A wannan haɗuwa, da ƙwayar asid ta isa fuskar dutse nan take ake cinye ta, abin da ke jan lokaci shi ne isowar tata ta cikin ruwan da ke lulluɓe da dutsen, wanda asid ɗinsa ya riga ya tsinke. Girgiza tana kawo sabon ruwa kusa, sauri ya ƙaru, tana kuma fizgo iskar da ta narke a ruwan. Ɗalibar da ta girgiza a gwaji ɗaya don ta ƙosa, ta bar ɗayan a ajiye, ta shigar da sabon abu cikin lissafinta ba ta sani ba. Ba laifi ba ne ta amsa cewa haka aka yi. Makin yana wajen ta faɗi ɓangaren da hakan ya karkatar da sakamakon, sama ko ƙasa.

Yanzu mu koma kan lambobinta. Lissafi ya ce 60, sirinji ya ce 52. Ina sauran mililita 8? Amsar "kuskuren ɗan Adam" ba ta isa a karɓe ta ba, domin ba ta nuna komai. Akwai aƙalla hanyoyi uku da iskar za ta iya bi, kowace kuma tana barin alamarta. Wata ta tsere kafin a toshe kwalbar. In haka ne, giɓin zai fi girma a gwajin gari, inda farkon ya fi zafi, kuma zai ragu idan aka sa asid ɗin cikin ƙaramin bututu a tsaye a cikin kwalbar, aka toshe, sannan aka karkata ya zube. Wata ta narke a cikin ruwan, domin kabon dayoksaid tana narkewa a ruwa sosai, ita ce iskar da ke cikin lemon kwalba. In haka ne, giɓin zai fi girma a gwajin mililita 40 fiye da na mililita 10, zai kuma ragu idan ruwan da ɗumi. Ko kuma murfin yana yoyo. Wannan ana gane shi tun kafin a fara: a haɗa komai babu asid, a ɗan ja hannun sirinji a saki, idan bai koma inda yake ba akwai kafa. Abin da ake so ɗalibi ya yi shi ne ya zaɓi zato ɗaya, ya faɗi abin da za a gani idan zatonsa gaskiya ne, da abin da za a gani idan ba haka ba ne.

Zafi, da amsar da ta tsaya a rabin hanya

Idan aka tambayi dalilin da ya sa zafi ke ƙara sauri, kusan kowane ɗalibi zai ce ƙwayoyi suna ƙara gudu, suna ƙara karo da juna. Gaskiya ne, amma ƙaramin ɓangaren labarin ke nan, kuma lamba ɗaya ta isa ta nuna haka. Daga digiri 27 zuwa 37 a ma'aunin Salshiyos, wato daga 300 zuwa 310 a ma'aunin Kelbin, matsakaicin gudun ƙwayoyi yana ƙaruwa da ƙasa da kashi 2 cikin ɗari. Amma haɗuwa da yawa saurinsu kan kusan ninkawa a wannan tazara. Sai a ajiye wa ɗalibi lambobin biyu a ce, "Gudu ya ƙaru da kashi 2, sauri ya ƙaru da kusan kashi 100. Daga ina sauran ya fito?"

Amsar tana cikin abin da masanin nan ɗan Suwidin, Svante Arrhenius, ya bayyana a 1889. Ba kowane karo ne ke haifar da canji ba. Akwai wani mizanin kuzari da dole ƙwayoyin su kai kafin tsohon ɗauri ya tsinke sabo ya ƙullu, kuma a zafin ɗaki 'yan ƙalilan ne suke kaiwa. Ɗan ƙarin zafi ba ya ƙara wa matsakaicin komai sosai, amma yana ƙara yawan waɗannan 'yan ƙalilan ɗin da yawa. Ga haɗuwar da mizaninta ya kai kimanin kilojul 50 a kowane mol, ƙarin digiri 10 a zafin ɗaki yana kusan ninka su. Ɗalibin da ya iya faɗin wannan da bakinsa ya fahimci lissafin Arrhenius ko da bai taɓa rubuta shi ba.

Sai dai kada malami ya mai da "digiri goma, ninki biyu" doka. Ƙiyasi ne da ya dace da wasu haɗuwar kawai. Gwajin mabul ɗin namu ma yana cikin waɗanda kan gaza ninkawa, saboda dalilin da muka gani wajen girgiza: abin da ke jan lokaci shi ne tafiyar asid zuwa fuskar dutse, zafi kuwa ba ya hanzarta wannan tafiya kamar yadda yake hanzarta tsinkewar ɗauri. Idan ɗaliba ta ɗumama asid ɗinta da digiri 10 ta ga sauri ya ƙaru amma bai ninka ba, kada a ce mata ta yi kuskure, kada kuma ita ta gyara lambobinta su dace da littafi. A tambaye ta me ta ga zai iya jawo hakan. Ko da ba ta kai ga amsar ba, tsayawarta a kan abin da ta auna ya cancanci maki.

Yadda ake yin tambayar ma yana da tasiri. Irin waɗannan tambayoyi suna buƙatar shiru, a bar ɗalibi ya yi rabin minti yana kallon allo ba tare da an miƙa wa wani ba. A nemi hasashensa kafin dalilinsa, domin wanda aka fara tambaya dalili yakan koma hadda. Idan ya yi kuskure, a ba shi hujja ɗaya da ta saɓa wa maganarsa, kamar kwalbar nan mai sauran tsakuwa, a ga ko zai gyara da kansa. Ni a wurina wanda ya fara da kuskure ya gyara bisa hujja ya fi wanda ya faɗi daidai amma ya kasa cewa me ya sa.

Ga ɗalibin da ya tsallake duk waɗannan, akwai tambayoyi biyu da ake canza asid ɗin kansa. Na farko a ce an kawo asid ɗin da ke cikin binega, mililita 20 mai kaurin 0.25, daidai da na farko. Shi asid ne mai rauni, kaɗan daga ƙwayoyinsa ne suke sakin haidurojin ɗinsu a lokaci guda, saboda haka kumfa za ta taso a hankali ƙwarai. Amma duk wanda aka cinye wasu na sake saki, idan aka yi haƙuri jimlar iskar za ta nufi inda ta farko ta nufa. Na biyu a ce an kawo asid ɗin salfurik, irin na batirin mota amma a sirke. Ɗalibi zai lissafa cewa kowace ƙwayarsa haidurojin biyu take bayarwa, ya yi hasashen ƙarin sauri da ninkin iska. A kwalba kuwa kumfa za ta fara da ƙarfi, ba da jimawa ba ta lafa, ga tsakuwa ga asid duk suna nan. Gishirin da ake samu a wannan karon kalsiyom salfet ne, wanda ba ya narkewa sosai a ruwa, sai ya kwanta a fuskar dutsen ya raba shi da asid. Ba a sa ran ɗalibi ya san wannan tun da farko. Ana gaya masa abin da aka gani ne, a tambaye shi yadda zai gano ko asid ne ya ƙare ko wani abu ne ya tare hanya. Ya tsoma takardar litmos mai shuɗi, ta koma ja, asid yana nan ke nan. Ya jefa sabuwar tsakuwa, kumfa ta tashi a kanta ita kaɗai. Ya ciro tsohuwar ya fasa ta biyu ya mayar, kumfa ta fito daga sabuwar fuskar da ta buɗe.